Ramin Ɗaki Na Bakwai

Yayana ne ya ja ni cikin aikin, lokacin yana koyar da kwamfuta a wata sakandare a Gummi, ni kuma na gama karatu ina zaman jiran aiki. Wasa yake haɗawa a tsohuwar kwamfutarsa: wani ɗan mutum yana gudu, yana tsallake ramuka, yana hawa katanga. Aikina shi ne zana tayil, wato ƙananan murabba'ai na ƙasa da bulo da ruwa, kowanne da lambarsa. Da su muke jera ɗaki, tayil ashirin a kwance, sha biyar a tsaye, ƙofofin duk a layi ɗaya don kowane ɗaki ya haɗu da kowanne. Mataki kuwa jerin lambobin ɗakuna ne kawai. Ɗaki ɗaya sai ya fito a wuri biyar, shi ya sa Yaya yake ja min kunne.

"Kak ka taɓa ɗakin da an ka gama. Kwafe shi, ka ba shi wata lamba."

Na ce na ji. Ni da ji, sai dai a baki.

Da ciwon suga ya kwantar da shi, idonsa ya fara dushewa, burinsa ɗaya ne: ya buga wasan da hannunsa daga farko har ƙarshe. Saura matakin ƙarshe. Na zauna ina ta gaggawa. Ɗaki na bakwai yana da rami mai faɗin tayil huɗu, iyakar tsallen ɗan mutumin ke nan. Na so ƙarshen ya yi wuya, sai na sa ɗakin a matakin ƙarshe, na mai da ramin tayil shida, ga takalmin dogon tsalle da ake samu a mataki na biyar. Na gwada matakin ƙarshe kaɗai, ya yi daidai, na adana. Na manta sarai cewa mataki na ɗaya ma yana kiran ɗakin.

Ranar wata Asabar da hantsi aka kawo wuta. Na ɗauko kwamfutar har bakin gadonsa, Inna ta tallafe shi da matashi. Ya wuce ɗaki biyu yana murmushi, a na uku, wato mai lamba bakwai, ya faɗa rami. Ya sake, ya faɗa. Ya yi ta sakewa har Inna ta ce ya huta hakanan.

Ya ɗaga hannuwansa yana dubawa.

"Wanga rami ko ido rufe ina ƙetare shi. Ashe hannun ma ya tahi."

Na ce gajiya ce, gobe ma rana ce, don ni ma haka na ɗauka. Bai sake neman wasan ba. Sati uku bayan nan muka kai shi makwancinsa.

Sai bayan sadakar arba'in na iya kunna kwamfutar. Ni ma na faɗa ramin nan, da lafiyata da idona garau. Na sa yatsa a kan gilashin na ƙirga: shida. Gyaran bai ɗauke ni minti ɗaya ba, kuma wannan ne ya fi ci min rai.

Har yau in Inna tana ba da labarin jinyarsa, takan ce ranar Asabar ɗin nan ta gane ya sare. Ina zaune ina jin ta, ban taɓa iya buɗe baki ba.