Ruwan Khal da Haƙoran Uwar Zare

Uwar Zare suke kiran ta a layin masu ɗinki, don tun da ta hau keken ɗinki ba a taɓa ganin ta sa almakashi ta yanke zare ba. Da haƙoran gaba take tsinke shi, ƙas, tana ci gaba da surutu. Mace ce mai jiki da dariya, ga ciwon sukari da ta gada.

Ƙanwar mijinta ce ta kawo mata labarin ruwan khal na tuffa, wani ruwa mai tsami, wai ta gani a waya yana narkar da tumbi, yana kuma korar sukari. Cokali ɗaya a kofin ruwa aka ce. Ita kuwa Uwar Zare ba ta iya yin abu kaɗan ba. Sai ta cika gora, ta ajiye kusa da keke, tana kurɓa daga safe har yamma. Da ta ji bakinta ya yi tsami sai ta ɗauki buroshi ta dirje haƙoran, ita a dole mai tsafta.

Maƙogwaro ne ya fara ƙorafi, kullum zafi. Ta ce kitse ne ke ƙonewa. Sannan ruwan sanyi ya gagare ta sha. Ranar da ta ciji zare ta ji zugi har ƙwaƙwalwa, gefen haƙori ya ɓalle, sai tsoro ya kama ta sosai.

Likitan haƙori ya leƙa bakin ya girgiza kai.

"Ai na tsarma shi da ruwa, likita," in ji ta.

"Ko an tsarma, tsami ne, Hajiya. Wuni guda kina jiƙa haƙoranki a ciki, ɓawonsu ya yi laushi, ke kuma ki bi da buroshi ki kankare."

"To sukarin fa?"

"Yakan ɗan rage shi bayan cin abinci, kaɗan ne. Bai kai maganinki ba, kada ki daina sha. Ramar ma, binciken da aka yi bai taka kara ya karya ba."

"Ɓawon zai sake tsirowa?"

"Ba ya tsirowa. Sai dai mu yi ciko, mu kare abin da ya saura."

Ta fito ta koma gida. Abin haushi, ta rame ɗin kuwa, don tauna ta zame mata wahala.

Tana komawa shago, wata da ta daɗe tana kawo mata ɗinki ta ƙare mata kallo.

"Kai, Anti, kin faɗa! Don Allah mene ne sirrin?"

Uwar Zare ta jawo kujera. "Zauna, ƙanwata," ta ce, ta buɗe baki ta nuna mata.