Muryar Inna ba ta haye ba

Bayan rasuwar Inna na je Bunguɗu wurin yayana, don muryarta da ya ɗauka tana ba jikoki labarin garin Kekun Waje tana cikin tsohuwar kwamfutarsa. Ramukanta na sa filashi duk sun mutu, ga shi an rufe netwok ɗin waya a yankin, gidan kuma babu rauta, na'urar haɗa kwamfutoci. Sai na haɗa kwamfutata da tasa da kebul ɗin netwok, na ba kowace lambar adireshinta da hannu, na buɗe ma'ajiyar fayilolinsa. Suka ga juna.

Batirin tasa ya daɗe da lalacewa, da wutar janareta kawai take aiki. Na ce mu fara kwashe muryar Inna. Ya ce a'a, takardun ofis tukuna, na rabon taki, ai Inna ba gudu za ta yi ba. Yaya ne, na fara da takardun.

Takardun na gama hayewa man janareta ya ƙare. Da muka samo wani, kwamfutar ta ƙi tashi. Mai gyara a Gusau ya ce faifan ajiyarta ya mutu.

Har yau sunayen waɗanda suka karɓi taki suna wurina, babu wanda ya ɓace. Yadda Inna ke kiran sunana kuwa na fara mantawa.