Uwaisu da Kalmomin da Suka Sauya Gida

Uwaisu yana yaro iyayensa suka bar ƙauyensu na gefen Bagwai da shi, suka nufi Makka a ƙasa. Guzuri ya ƙare musu a Sudan, suka tsaya noman auduga, can kuma ƙasa ta rufe musu ido. Shi kuwa sai da furfura ta fito masa ya dawo, ba mata ba ɗa, a shekarun farin nan da gero ya ƙi. Ƙanwar mahaifiyarsa, Inna Kulu, ita kaɗai ta gane shi. Ta ba shi ɗaki, kullum kuma tana zuba masa tuwo.

Abin da ya fi so a duniya shi ne ciyayya. Bayan magariba magidanta kan fito da kwanukansu ƙofar gidan Nababa, maƙwabcinsu, a haɗa a ci tare. Wanda ya shekara arba'in yana baƙo ya san darajar a matsa masa wuri a tabarma.

Sai dai Uwaisu yana da wani hali. Larabci ya zauna masa a baki fiye da Hausa, kuma duk kalmar da ya ji ya san ta daga can, sai ya tare ta kamar ya ga ɗan'uwa a kasuwa. A ce wane attajiri ne, sai ya ajiye loma.

"Tajir ai mai saye da sayarwa ne kawai," in ji shi. "Ko allura yake talla, tajir ne. Ku kuka ɗora masa dukiya. Wannan 'at' ɗin ma 'al' ce ta Larabawa, kuka haɗiye ta tare da kalmar."

A ce gonar fadama tana da ni'ima, ya ce can ni'ima kowace kyauta ce ta Allah, har ido da ƙafa, amma manomi ya kai ta ga laima da sanyin ƙasa, don ita ce kyautar da ya fi jira. A ce mace ta cika sababi, ya ce sabab dalili ne, ba hayaniya ba. Mutane su yi dariya, su ce Malam ci tuwonka. Ba gwaninta yake nunawa ba. Abin da ya kawo daga tafiyarsa ke nan, ba shi da wata tsaraba.

Ana cikin yunwa ƙyanda ta shigo, ta ɗauki ƙaramin ɗan Nababa. A zaman makoki kowa ya san ƙa'ida: ka yi addu'a, ka ba da haƙuri, ka ja bakinka. Wani ya nisa ya ce wannan annoba Allah ya kawo ƙarshenta. Uwaisu ya ga uban yaron ya sunkuyar da kai, tausayi ya kama shi, ya miƙa abin da yake da shi.

"Nababa, ka san annoba daga nauba take, nauba kuwa a can zagaye ce. Idan za a ba gonakin auduga ruwa, kowa da naubarsa. Zazzaɓin da ke tafiya ya dawo ma haka ake kiransa. Abu ne mai bi da bi, yau gidanka, gobe gidan wani."

Cikin masu zaman akwai waɗanda suka baro yara kwance. Nababa ya ɗago, murya ƙasa-ƙasa, ya ce, "Malam Uwaisu, ɗana na binne, ba darasi na zo ɗauka ba."

Ba wanda ya kore shi. Kunya ce ta zaunar da shi a ɗaki, yana cin tuwonsa shi kaɗai, yana jin motsin kwanuka ta bayan danga. Kewa ta dame shi fiye da ta Sudan, don can aƙalla ya san shi baƙo ne.

Bayan an yi sadakar arba'in, Inna Kulu ta ce, "Uwaisu, je ka sauke nauyin mutumin nan." Ya je ya durƙusa a zaure ya ce, "Na ɗauki alhakinka, ka yafe mini." Ya san haƙƙ a Larabci gaskiya ce da rabon da mutum ya cancanta, Bahaushe kuma ya mai da alhaki nauyin da ke bin wanda ya cuci wani. Bayanin ya taso masa har maƙogwaro, ya danne shi. Nababa ya ce ba komai, Allah ya yafe mana baki ɗaya.

Da magariba ya wanke hannu, ya ɗauki kwanonsa da murna, ya nufi ƙofar gidan. Ba tabarma, ba kowa. Ya tsaya har Nababa ya leƙo, yana kau da ido.

"Ai an daina fitowa, Malam. Abin da ke cikin kwanon yanzu bai kai a nuna wa maƙwabci ba."

Uwaisu ya ce to. Ya zauna a ƙasa a inda ya saba zama, ya buɗe kwanon, ya ɗan tura shi tsakiya.