Masarata a Wayar Taubashina

Karatuna bai wuce aji uku ba, shi ma rabinsa a kan bishiyar mangwaron bayan makaranta na yi shi. Amma masarata, ko a mafarki na ganta sai na gane ta.

Damina ce ƙungiyarmu ta manoma ta ce za a zaɓi gona ɗaya ta zama gonar gwaji, a ba mai ita sabon iri, a kafa allo. Kowa ya turo hoton gonarsa a zaurenmu na waya. Ni lokacin ina kwance asibitin Malumfashi, an yi mini aikin gwaiwa. Da na dawo na duba zauren, sai ga hoton masarata ta yi goyo bibbiyu, ga tsohon surin da ke kusurwar gabas, a ƙarƙashin sunan taubashina, ɗan kawuna. Gonarsa tana can hanyar Bakori, ciyawar wuta-wuta ta cinye rabinta.

Na tare shi a majalisa. "Kai, yaushe surina ya yi ƙaura?"

"Ɗan mace, garar surin ma gadonta ka yi? Suri ai ko'ina akwai."

Aka kwashe da dariya. Tun muna yara yake kayar da ni a baki, amma bana suna ne zai ɗauke mini, kuma noma kaɗai na iya.

Na tuna farkon damina malamar gona, wata Kirista 'yar wajen Funtua, ta karɓi wayoyinmu ta kunna wa kyamara abin nuna wuri. Ta ce daga nan kowane hoto zai riƙe inda aka ɗauke shi da rana da lokaci, a ɓoye. Sai na buga ƙirji a majalisa na ce gobe hoto zai yi magana. Na ja mutum uku muka je ofishinta. Ta buɗe hoton, ta latsa nan ta latsa can.

"Baba, babu komai a ciki."

"Ke kika ce yana riƙewa!"

"Yana riƙewa a wayar da ta ɗauka. In an turo shi zaure a matsayin hoto, manhajar tana matse shi ta share bayanan. Sai in fayil aka turo, shi ne yake zuwa da kayansa."

Sati guda ana kirana Mai Hoto Mai Magana. Har matata ta tambaye ni ko ya fara gaisuwa.

Na haɗiye. Na bar kwana goma suka wuce, sannan na sayi tsire na je gidansa. Na ce, "Ɗan namiji, na sallama, ciwo ne ya ruɗa ni. Amma hoton nan ya dushe. Na ji masu zaɓe ba sa ganin goyon sosai, kuma na sakataren ƙungiya ya fi naka fitowa. Ka tura wa malama a fayil, ya je garau yadda ka ɗauka."

Ban yi ƙarya ba, fayil ya fi fitowa. Sauran ne kawai ban faɗa ba.

Yana tauna namana ya ce, "Ina ake latsawa?" Ni da sai na yi gumi nake rubuta sunana, ni na nuna masa, yadda malama ta nuna mini.

Washegari ta kira ni. Na roƙe ta kada ta ce komai sai ranar taro.

Ranar taubashina ya sha babbar riga, ya zauna gaba. Malama ta ɗaga wayarta, ga taswira da ɗigo a kai. Ta ce, "Alhaji, gonarka tana hanyar Bakori, ko?"

"Tun kakanni."

"To wannan hoton a hanyar Malumfashi aka ɗauke shi, ranar Talata da hantsi, a cikin gonar da aka yi wa Baba rajista."

Na miƙe a hankali saboda ɗinki. "Talatar nan da la'asar ya zo duba ni asibiti, jama'a. Da ayaba. Ashe daga gonata yake."

"Wasan taubasai ne!" in ji shi.

"Wasa ne, shi ya sa nake dariya."

Aka ba ni gonar gwaji. Shugaba ya ce doka ta ce a kore shi daga ƙungiya. Na ɗaga hannu na ce a yi haƙuri, jinina ne, a bar shi. Dattawa suka yi ta sa mini albarka, wani har da cewa ciwo ya gyara mini hali. Shi kaɗai bai ce amin ba, ya san ni. In an kore shi, gida zai zauna abinsa. Yanzu kuwa duk taron wata dole ya zo, kuma kujerar da ke kusa da tasa tawa ce.