Mainasara da Buhu Goma Sha Ɗaya

Mainasara gadon sito ya yi, kamar yadda wani kan gaji maƙera. Dogon gini ne mai rufin kwano a gefen kasuwar garinmu, a ƙasar Sandamu. Mahaifinsa ya gina shi don ajiyar gyaɗa. Da cinikin gyaɗa ya ja baya, sai ɗan ya share wurin, ya toshe ramukan ɓeraye da siminti, ya shimfiɗa katako a ƙasa, ya fara karɓar ajiyar hatsi. Manomi ya kawo geronsa da kaka, a shafa wa buhunan alamar gidansa da fenti, a rubuta a littafi, ya zo ya ɗauka lokacin da ya so. Daga baya ƙungiyar manoman garin ta ɗauki siton gaba ɗaya, tana biyansa ladan ajiya.

Mutum ne gajere, mai faɗin kafaɗa, ba ya son a taɓa masa jerin buhu. Ya fi yarda da hancinsa a kan komai. Yakan tsaya a bakin ƙofa da safe ya shaƙi iska, ya ce wa 'yan dako, “Akwai danshi a kusurwar gabas,” a sauke jerin kuma a tarar da shi. Mabuɗin yana rataye a wuyansa da igiyar fata, har masallaci. Matarsa Nagoggo takan ce ita aka aura, amma siton ake kwana da shi a rai.

Abokin faɗansa na kullum shi ne Kalilu, ɗan gwaggonsa, wato taubashinsa, wanda kuma shi ne magatakardan ƙungiyar. Tun suna yara ba su taɓa gaisawa da daɗi ba. Kalilu zai leƙo daga kan kekensa ya ce, “Sarkin ɓeraye, yau buhun wa ka yi kalaci da shi?” Mainasara ya ce, “Na ubangidanka, bawa. Zo ka share mini ƙofa.” Haka suke, kowa ya saba.

Abin da zan ba da labari ya faru ne a shekarun da shari'a ta dawo sabuwa, lokacin da kalmar sata ta yi nauyi a bakin mutane, ba a furta ta sai an waiga. A ɗaya daga cikin shekarun nan an yi wa Mainasara aikin ido a Daura, ya kwanta a gida da tsumma a fuska. Lokacin ƙirgen shekara ya zo, wanda akan yi kafin faɗuwar damina, kafin manoma su fara kwasar abincin noma. Ƙungiya ba ta jira shi ba. Aka karɓi mabuɗi a hannun Nagoggo, Malam Sabiru, malamin gona da ke duba ƙungiyoyi, ya shiga da mutum biyu na kwamiti. Suka ƙirga fuskar kowane jeri, suka lissafa tsawo da zurfi, suka gwada da littafi. Gero ya gaza da buhu goma sha ɗaya.

Kwamiti ya zauna a zauren shugaba.  Wani ya ambaci alƙali, sauran suka yi kamar ba su ji ba. Malam Sabiru ya ce shi bai zargi kowa ba, kuma ƙirgen da aka yi ba a gaban mai sito ba bai isa hujja ba. A sanar da shi, a rufe sito, kada a shigar kada a fitar, a sake ƙirgawa tare da shi. In gibin ya tabbata kuma ba bayani, to dole a karɓi mabuɗi. Kowa ya yarda da wannan. Wanda zai je ya faɗa masa ne aka rasa. A ƙarshe aka ce Kalilu, tunda bakinsa ya saba.

Kalilu ya same shi da hantsi a ƙofar gida, an cire masa tsumma, yana zaune a inuwa. Ya jingine keke, ya cire takalmi, ya zauna a gefen tabarma.

“Yaya, ina kwana? Ya ƙarfin jiki?”

Mainasara ya juyo da idon da aka gyara ya dube shi. “Wa ya rasu?”

“Ba wanda ya rasu.”

“Tun da aka haife ka ba ka taɓa ce mini yaya ba. Faɗi abin da ya kawo ka.”

“An yi ƙirge ba ka nan. Abin da ke ƙasa bai kai abin da ke littafi ba. Gero, buhu goma sha ɗaya.” Kalilu ya tsinci wani kara yana karyawa. “Ba wanda ya ce ka ci. Roƙon da aka aiko ni da shi, ka zo mu sake ƙirgawa tare, kana tsaye muna tsaye. Kafin nan an sa kwaɗo na biyu a ƙofa. Naka yana nan, namu yana nan.”

Nagoggo ta aiko da ruwa. Sannan Mainasara ya ce, “An sa wa sitona kwaɗo.”

“An sa.”

“Kai ka sa?”

“Ni na sa. Na ga gara hannuna da na wani.”

“To. Gobe bayan an karya. A kawo 'yan dako. Ba ƙirgen fuska za a yi mini ba, sauke shi za a yi buhu-buhu.”

“Haka Malam Sabiru ma ya ce.”

“Ashe yana da hankali. Tashi ka ba ni wuri, gaisuwarka ta sa mini ciwon kai.”

Washegari aka buɗe kwaɗo biyu. Mainasara ya zauna a kan turmi a dama da ƙofa, da ƙwaryar tsakuwa, duk buhu goma ya jefa ɗaya a gefe. Malam Sabiru yana hagu da takardarsa. 'Yan dako suna sauke jeri, suna kai kowane buhu ɗaya ɓangaren, suna kiran lamba da ƙarfi, Kalilu kuma yana duba fenti yana ware na kowane gida wuri guda. Ƙura ta tashi, kowa ya yi fari. In an gama jeri sai a tsaya, a gwada tsakuwa da takarda, sai sun yi daidai a ci gaba.

A jerin ƙarshe, jikin bangon baya, aka tarar da buhu huɗu a cikin wata tsohuwar ƙofa da aka toshe ta waje, ta bar lungu. Mai ƙirgen fuska ba zai gan su ba. Malam Sabiru ya ce, “Wannan kuskurenmu ne,” ya gyara takardarsa. Mainasara ya gyara zama, ya fara hararar Kalilu. Amma aka kai buhu na ƙarshe, aka share ƙasa, bakwai ba su fito ba.

Sai Kalilu ya bi tsibin gidaje ɗaya bayan ɗaya, yana gwadawa da abin da aka rubuta wa kowa. Yawancinsu daidai. Ya kira waɗanda suka gaza.

“Gidan Mati, saura biyu. Gidan Maliki mai shanu, ɗaya. Gidan Malam Usman, biyu. Gidan Auta, ɗaya.”

Bai kai ƙarshe ba ya rage murya. 'Yan dako ma sun daina kaɗe riga. Duk wanda ke wurin ya bi gawa daga waɗannan gidaje huɗu a cikin shekarar.

Mainasara ya ajiye ƙwaryar. Ya ce, “Ni na bayar.”

A garinmu, in aka yi rasuwa, gida kan cika da baƙi kafin a dawo daga maƙabarta. Ana bukatar gero na gumbar sadaka da na abincin masu zaman makoki. Sai a turo wani da amalanke siton Mainasara, ya ce an yi rashi a gidan wane. Ƙa'idar ƙungiya ita ce buhu ba ya fita sai mai shi ya dangwala hannu. Mai shi kuwa ga shi can an lulluɓe.

“In ce wa ɗan mamaci ya dangwala mini yatsa, ubansa bai huce ba?” in ji Mainasara. “Nakan ce bari a share makoki in je. In an share, in ga kamar na je tuna musu ne. Sai in ce bari a yi arba'in.”

Malam Sabiru ya ce a hankali, “Baba, na fahimta. Amma a rubuce geron nan yana cikin sito. Ranar rabon gado magada za su zo nemansa, kai za a riƙe. Sai gidajen sun shaida.”

Suka bi gidajen, shi da Mainasara da Kalilu. A gida uku ba a sha wahala ba, har ana ba Mainasara haƙuri. Gidan Mati ne aka tsaya. Babban ɗansa a Kano yake zaune, bai iso ba sai bayan an yi jana'iza, ya ce shi bai san an ɗauko komai ba, kuma ba zai sa hannu a kan abin da bai gani ba. Ba a ga laifinsa ba. Ana cikin haka murya ta fito daga bayan asabarin ƙofa. Adama ce, matar marigayin, tana cikin takaba.

“Ni na aika. Ɗaya ranar da aka kai shi, ɗaya ranar bakwai. Tuwon da ka ci da ka iso, daga ina kake tsammani ya fito? Sa hannu ka sallami bayin Allah.”

Ya sa.

Saura buhu ɗaya, na wani gida na biyar da ba a yi rasuwa ba. An yi ta tunani, ba a gano inda ya shiga ba, har yau. Mainasara bai yi gardama ba. Ya sa aka buɗe rumbunsa, aka sussuka, aka auna, ya ɗinke bakin buhun da hannunsa, ya shafa masa fentin masu shi.

Kwamiti ya bar masa mabuɗi, aka cire kwaɗo na biyu. Sharaɗi ɗaya aka sa. In an yi rasuwa ya bayar, kada ya tambayi kowa yatsa, amma a ranar ya sanar da magatakarda a rubuta da shaida, gidan kuma su tabbatar bayan bakwai. Mainasara ya ce an mai da shi yaron Kalilu. Ya karɓa dai.

Damina ta yi nisa aka yi rashi a unguwar maƙera. Ina dawowa daga masallaci da safe na ga amalanke ta fito daga sito da buhu guda. Mainasara ya kulle ƙofa, ya tattare riga saboda taɓo, ya miƙe hanyar gidan Kalilu. Ya tsaya a ƙofar zaure ya yi sallama, aka amsa daga ciki.

“Fito da alƙalaminka,” in ji shi. “Gidan Maharazu, ɗaya. Yi sauri, kada mu rasa jana'iza.”