Makon da Muka Sallami Dillali

Shekara biyu muna ɗaukar bidiyon kasuwar shanu ta Filinge, ni da yayana. Tashar tasa ce. Ni na bar aikin rediyo na riƙe masa kyamara. Mai magana kuwa wani tsohon dillali ne daga Sanam, wanda zai duba haƙoran bijimi ya faɗi shekarunsa da abin da zai yi a kasuwa. Kurfayawan yankinmu da ke ci-rani a Kwatano da Lome su ne masu kallonmu.

Sai kallo ya faɗi cikin mako uku.

Yaya ya ce mutane sun gaji da tsoho da shanunsa. Da yamma kuma ya ce masu dandalin intanet da muke saka bidiyon ne suka sauya tsari. Na roƙe shi ya ba ni kwana biyu in duba alƙaluma.

Dandalin yana nuna bidiyonmu ga mutane kusan kamar da. Na tambayi masu tashoshi biyu irin tamu, ba su ga komai ba. Ke nan ba sauyin tsari ba ne. Waɗanda suka shiga suna kallo har inda suka saba kaiwa, tsoffin bidiyon dillalin kuma ba su yi sanyi ba. Wanda ya gaji ba ya zama haka. Abin da ya karye shi ne yawan masu latsawa bayan sun ga hoton gaban bidiyon.

Ranar da ya fara karyewa ita ce ranar da Yaya ya dawo daga wani horo a Yamai. Ya cire fuskar dillali da ƙahon bijimi daga hoton, ya sa farashi da rubutun Faransanci. Yawancin mutanenmu ba sa karanta shi. Fuska suke ganewa.

Na kai masa bayanin, ashe ya riga ya yi magana da tsohon a gaban sauran dillalai.

"Baba, ka huta hakanan. Mun samu matashi."

"In huta? Ɗana, noma ka gan ni ina yi? Bakina kawai nika buɗewa."

Dillalai suka yi dariya. Shi bai yi ba.

Kuskuren da ya biyo baya nawa ne. Na matsu in nuna gaskiyata, sai na mayar da tsohon salon hoto, wato bijimi da fuskar mai magana, a kan bidiyon farko na sabon mutumin. Ya kamata in fara gyara hotunan makonni ukun nan na dillali, in jira. Abu biyu muka sauya a mako ɗaya.

Kallo ya dawo.

"Ka gani, ƙanena?" in ji Yaya. "Sabon jini."

Daga baya na gyara hotunan tsohon, amma farashin da ya kwana wata ba mai nemansa. Ba ni da sauran hujjar da Yaya zai saurara.

Ina ganin dillalin ranar kasuwa. Yana amsa gaisuwata cikakkiya, har ya tambayi gida. Idan na ɗaga kyamara, sai ya koma bayan shanu.