Kebul ɗin da Ya Ba Hambali Kujera

Zan ba da labarin Hambali Mailafiya, amma gara in faɗa tun yanzu: ina jin haushinsa, kuma bai taɓa yi mini komai ba. Wannan ɗin ma shi ya fi ƙona mini rai.

Layinmu ɗaya a Ƙofar Mata. Mahaifinsa marini ne, nawa malamin makaranta. A firamare ni ke zuwa na ɗaya, shi kuwa sai an kusa naɗe takardar sakamako ake isa sunansa. Da muka gama sakandare na tafi na yi difloma a kan kwamfuta, shi ya zauna a rumfar wani mai gyaran rediyo, Malam Gwadabe, yana hura ƙura. Daga nan ya koma wani shagon intanet, inda ya shekara shida yana jan waya a cikin silin yana matse kan kebul. Bai iya dogon Turanci ba har yau. Amma a unguwa in wayar wani ta ƙi caji, ko firintar masallaci ta tsaya, sai ka ji an ce, "A kira Hambali." Ni mai takardar ina zaune a wurin, ko kallona ba a yi.

Ƙaddara ta haɗa mu a cibiyar jarrabawa ta kwamfuta da Hajiya Murja ta buɗe kusa da Ƙofar Mazugal. Kwamfuta ɗari biyu da hamsin ne a zaure biyu, duk a haɗe da babbar kwamfuta guda da ke raba musu tambayoyi, wadda muke kira saba. Mu biyu ta ɗauka na wucin gadi, ta kuma faɗa ba ɓoye-ɓoye: bayan masu duba cibiyoyi sun zo sun tafi, mutum ɗaya za ta ba kujerar shugaban injiniyoyi. Ni dai har na fara tunanin kalar labulen ofishin.

Ranar da za su zo, Hajiya ta ce kada ta ga waya ko ɗaya tana reto. Aka share, aka goge, aka turara ɗaki. Na shiga ƙaramin ɗakin da suwic yake, wato akwatin nan mai ramuka a jere da kebul ɗin kwamfutoci ke haɗuwa a cikinsa. Sai ga kan wani shuɗin kebul ya leƙo daga bayan kantar da suwic ɗin ke kai yana lilo. Na ɗauka na zaure na biyu ne ya zare. Ban bi shi na ga inda ya fito ba, don kada in ɓata farar shaddata a ƙura. Na ga rami na sha tara babu kowa, na cusa shi, ya ce ƙyas. Na fita tarbar baƙi.

Ko zama masu dubawa ba su gama yi ba, ɗaliban da aka tara don gwaji suka fara ɗaga hannu. Wannan ya ce shafinsa ya tsaya, wancan ya ce tasa ta ce ba ta ganin saba. Kafin a ce kwabo, zaure biyu sun tsaya cak.

"Malam Ikrima, me ke faruwa?" in ji Hajiya, tana murmushi saboda baƙi, idonta kuwa ba ya murmushi.

Na ce bairos ne, wato cutar kwamfuta. Na kashe saba na kunna, shiru. Na ce to daga masu ba mu intanet ne, sai ɗaya daga baƙin ya tuna mini cewa jarrabawar ba ta bi ta intanet, a cikin gida take yawo. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na ruga na kashe suwic na kunna. Abu ya dawo, har na fara gyara hula, bai yi minti ɗaya ba ya sake ƙamewa.

Duk wannan hidima Hambali yana tsugune gaban suwic, ya zuba wa fitilunsa ido kamar mai jiran tuwo ya sulala.

"Ikrima, zo ka gani," ya ce da ni a hankali. "Fitilun nan da kowacce ƙiftawarta daban. Yanzu duba, gaba ɗaya suke rawa tare, ba hutu. Lup ne."

"Na sani," na ce. Ƙarya nake, sai da ya faɗa na tuna mun taɓa karanta shi.

Hajiya ta leƙo ta ce a yi mata bayani da Hausa. Ya ce, "Hajiya, in kwamfuta tana neman wata, cigiya take yi, suwic ya watsa cigiyar ta kowane rami ban da wanda ta shigo. To in kebul ɗaya ya fita daga suwic ya sake komowa cikinsa, cigiyar za ta fita ta nan ta shigo ta can, shi kuma ya ɗauka sabuwa ce ya sake watsawa. Ba abin da ke tsayar da ita, ga sababbi suna ƙaruwa a kai. Sai hanya ta cushe, tambayoyin yara su rasa wurin wucewa. Manyan suwic suna gane haka su toshe rami ɗaya da kansu. Namu ɗan talaka ne, bai iya ba."

Sai ya fara zare kebul ɗaya bayan ɗaya, yana zarewa yana kallon fitilu yana mayarwa. Ina tsaye a bayansa ina ƙirga ramuka. Da ya zare na sha tara, fitilu suka lafa. Daga zaure muka ji yara suna cewa ya dawo. Ya bi kebul ɗin da hannu ta bayan kanta, cikin ƙurar da na ƙi shiga, sai ga ɗaya kan nasa a rami na biyar na suwic ɗin nan dai.

Ya ɗago ya dube ni. Ya san ni kaɗai na shiga ɗakin da safe, don a hannunsa na karɓi makulli.

Gwaji ya tafi lafiya, baƙi suka sa hannu suka tafi. Bayan la'asar Hajiya ta kira mu ofis, kebul ɗin yana kan teburinta.

"Wa ya yi wannan aika-aika?"

Wallahi na buɗe baki. Amma na tuna kujera, na tuna yadda za a ji a layinmu cewa mai difloma ne ya kashe cibiya, sai na mayar da bakina na rufe.

"Laifina ne, Hajiya," in ji Hambali. "Ni na bar kebul ɗin yana reto tun da na canja wa wata kwamfuta wuri, ban cire shi ba, ban kuma rubuta masa lamba ba. Duk wanda ya gan shi zai ɗauka zarewa ya yi. Gobe in sha Allahu zan bi su duka in sa musu lamba, ramukan da ba kowa in toshe su."

Ba ƙarya ya yi ba, rabin gaskiya ya faɗa, ya rufa mini asiri da sauran rabin. Ni kuwa a raina, Allah Ya yafe mini, murna na yi. Na ce shi ke nan, ya kashe kansa da bakinsa.

Hajiya ta daɗe tana juya kebul ɗin a hannu. Sannan ta ce, "Na'ura kowa tana iya ba shi kunya. Abin da na daɗe ina nema shi ne wanda zai ce mini laifina ne ba sai na matsa shi ba. Malam Hambali, kujerar taka ce."

Ya yi godiya, ya kuma roƙa a bar ni a matsayin mataimakinsa, wai ba zai iya rubuta rahoto da Turanci ba sai da ni. Ta amince.

Shekara uku ke nan ina rubuta masa rahoto. Ya yi aure, ya sayi babur, har wasu cibiyoyin suna aiko masa a duba musu. Bai taɓa tayar da maganar ba, ko da wasa, ni kuma ban taɓa iya yi masa godiya ba. Na ɗaya da nake zuwa a aji bai kai ni ko'ina ba, diflomar tana cikin akwati. Abu ɗaya da na mallaka a ranar nan wanda zai iya ba ni kujerar shi ne laifina, shi ma na tsaya ina kallo Hambali ya ɗauka.